Lambar Batu Ɗaya Ce Daga Zaman Farko Har a Rufe Shi

Kowane batu da aka rubuta a bayanin taro yana buƙatar lambar da ba za ta sake maimaituwa ba a tarihin kwamitin. Idan kowane zama ya fara ƙirga daga 1, to "batu na 7" ba ya nuna komai, domin zaman Maris yana da nasa, na Afrilu ma haka. Shi ya sa gogaggun sakatarori ke haɗa shekara da lambar zama da lambar batu. 2024/3/7 na nufin batu na bakwai a zama na uku na shekarar 2024. Wasu kan ƙirga a jere tun daga Janairu har Disamba, wannan ma yana yi muddin an haɗa da shekara.

A ɗauka kwamitin wata makaranta ya tattauna gyaran rufin aji a ƙarƙashin 2024/3/7, aka ɗora wa ma'aji kawo ƙiyasin kuɗi, shugaban makaranta kuma ya nemo kafinta. Ayyuka biyu ke nan, don haka su shiga jadawalin ayyuka a layi biyu, 2024/3/7(a) da 2024/3/7(b), kowanne da sunan wanda aka ɗora wa da ranar da ake sa ran kammalawa. Haɗa su a layi ɗaya yakan sa a rubuta "an kammala" alhali rabi aka yi.

A zama na huɗu, idan aka zo kan abubuwan da suka taso daga zaman baya, sai sakatare ya rubuta: "2024/4/3 Gyaran rufi (duba 2024/3/7): ma'aji ya kawo ƙiyasi, an rufe (a), (b) na nan." A nan ne aka fi yin kuskure. Zama na biyar ya ambaci na huɗu kaɗai, na shida ya ambaci na biyar, har mai neman ainihin shawarar ya buɗe takardu huɗu kafin ya iso gare ta. Kullum lambar asali ake fara kawowa, sannan ta zaman da aka taɓo batun a ƙarshe.

Idan kwamitin ya sauya shawara, misali ya ce a sake rufin gaba ɗaya, wannan sabon batu ne mai sabuwar lamba. Sai a rufe tsohon da cewa 2024/6/5 ya maye gurbinsa. Ba a goge layin da aka rufe, ba a kuma bai wa wani batu lambarsa.

Akwai haɗari a barin kwamfuta ta jera lambobin da kanta: ana cusa sakin layi ɗaya a tsakiya, duk na ƙasa sun gusa, jadawalin ya koma nuna abin da ba shi ba. Gara a buga su da hannu. Kafin a raba bayanin, a bi kowane buɗaɗɗen layi na jadawalin a tabbatar ya fito a abubuwan da suka taso. Wanda bai fito ba, shi ne aikin da ke shirin ɓacewa.