Yadda ake yi wa aboki barka da tarewa a birnin Zariya

Kafin ka ɗauki waya ko ka sa takalmi, fara sanin ta wace hanya gidan ya zo hannun abokin naka, domin ita ce za ta nuna maka kalaman da za ka faɗa. A cikin ganuwar Zazzau da wuya ka ga fili a zube. Unguwanni irin su Kwarbai, Juma, Kaura da Limancin Kona gidajen kaka da kakanni ne, kuma akasarin magidanta a sashen gidan mahaifinsu suke fara zaman aure. Saboda haka wanda aka ce ya yi gidan kansa, ko dai ya sayi tsohon gida ya gyara, ko an raba gado ya ja katanga ya fitar da ƙofarsa, ko kuwa ya fita bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona ya yi sabon gini.

Wanda ya saya ko ya gina, yi masa murna a fili: "Ma sha Allah, barka da arziki! Allah ya sa rai aka yi wa, ya sa a ci amfaninsa lafiya." Na gado kuwa, a bi shi a hankali. Gidan ya zo ne ta hanyar rashi, kuma wani lokaci rabon bai ƙare ba sai da 'yan'uwa suka ɗan saɓa. A nan addu'a ga mamacin ce gaba: "Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Allah ya ba ku ikon riƙe zumunci." Bayan ya amsa sai ka kawo barka da tarewa. In ka shiga da shewa kana cewa ya yi sa'a, ka taɓa masa ciwo ba ka sani ba.

Abu na biyu, kira shi a ranar da ka ji labari, amma kada ka ɗauka ka sauke nauyi. Waya share fage ce. Tsakanin Babban Dodo da kowace ƙofar birni tafiya ce ta ɗan lokaci a kan babur, don haka wanda yake gari ɗaya da kai ba zai karɓi uzurin nisa ba. A wayar ka tambaye shi ranar da za a kwashe kaya. Idan abota ta yi ƙarfi, ranar ce ranarka: ka zo da kayan aiki a jikinka, ka kama gado da katifa, domin lungunan birni da yawa mota ba ta shiga, sai a sauke a bakin titi a ƙarasa da baro ko a ka. Idan ba ku kai haka ba, bar su su kintsa, ka je cikin makon farko.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan La'asar. Da safe ya tafi nema, da rana ana hutu, bayan Isha kuma lokacin iyali ne. Zuwa bayan La'asar yana da wata riba da zan faɗa nan gaba.

Sai maganar abin hannu. Ba a shiga sabon gida hannu rabbana, amma girman kyauta ba shi ne abin dubawa ba. Tuna cewa mutumin nan ya fito daga babban gida inda ake aron komai, daga tsani har turmi, yanzu kuwa komai sai nasa. Ka ɗauki misalin abokin da ya bar sashensa a gidansu na Kwarbai ya koma gida mai ɗaki biyu da zaure. Kayan ɗaki uwargida ta taho da su. Abin da babu shi ne na zaure da tsakar gida: tabarmar baƙi, darduma, butoci biyu, fitila mai caji, babbar robar tara ruwa. A ganina tabarma mai kyau da buta sun fi agogon bango, wanda sau da yawa mutum uku za su kawo iri ɗaya. Idan ka san ginin ya cinye masa aljihu, kuɗi sun fi komai amfani. Ninke su ka sa masa a hannu lokacin da kuke ku biyu, ka ce, "Ga wannan a sayi ruwa, ba yawa." Kada ka miƙa a gaban jama'a, kada kuma ka faɗi adadi.

Da ka isa, yi sallama ka tsaya a zaure. Wannan ƙa'ida ba ta faɗuwa don gidan na abokinka ne. A gaskiya yanzu ne ma ta fara aiki, tunda ya zama maigida. Shi zai ce, "Bismillah, shigo ka ga wurin," bayan ya leƙa ya sanar da iyali. In bai ce ba, kada ka roƙa. Gaida uwargida daga inda kake: "Hajiya, barka da tarewa, ya gajiyar kwashe kaya? Ya baƙunta?" Maiɗakinka ta zo nata zuwan daban, da turaren wuta ko kwanon abinci, domin a kwanakin farko girki yana wahala a gidan da ba a gama jera kaya ba.

Idan an zagaya da kai, yabi abin da ka gani da sunansa, ka haɗa da ma sha Allah: faɗin tsakar gida, iskar ɗaki, kusancin masallaci. Tambaya uku ka haɗiye su: nawa ya saya, ina ya samo kuɗi, da me ya sa bai nemi wuri a Tudun Wada ko Gyallesu ba. Kada kuma ka gwada gidan da na wani. Aibi ɗaya ne ya halatta ka ambata, wato wanda zai iya jawo asara ko rauni. In tsohon ginin ƙasa ne ka ga indararo ya karye yana zuba a jikin bango, ko gindin katanga ya jiƙe ya fara zaizayewa, ko azara ta lanƙwasa, ja shi gefe ka faɗa masa, domin ruwan Agusta ba ya yi wa irin wannan sauƙi. Faɗe shi bayan an gama murna, kuma ka zo da sunan maginin da ka yarda da aikinsa.

Kafin ka tashi, ɗaga hannu ku yi addu'a: zaman lafiya, maƙwabta nagari, zuriya mai albarka, tsari daga mugun ji da mugun gani. In ya ce za a yi walima ko saukar Alƙur'ani, tambayi ranar da abin da za ka ɗauka, ko da goro ne ko ruwan sha. Wasu sun fi son su karanta Suratul Baƙara da kansu ba tare da taro ba. Wannan zaɓin maigida ne, kada ka mai da ziyararka muhawara.

Ga ribar zuwa bayan La'asar: Magariba za ta same ka a can. Bi shi masallacin unguwa, ku gaisa da liman da dattawa. In kana da sani a wurin, gabatar da shi: "Wannan ɗan'uwana ne, shi ya tare a gidan nan na kan kwana, ga amana nan." Sabon zuwa yana buƙatar wanda zai ce na san shi, musamman kafin ya je gaida mai unguwa.

Saura mataki ɗaya da matasa suka fi mantawa. Je tsohon gidansu ka durƙusa gaban mahaifinsa ko mahaifiyarsa: "Baba, mun ga abin arziki. Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri." Kada ka ce yaro ya huta da cunkoso, ko da gaskiya ce, domin su a wurinsu ɗa ne ya bar gida. Ka yi wannan gaisuwa a ranar ko washegari, tun kafin su ji daga bakin wani cewa ka je can ba ka biyo ta nan ba.