Idan Mai Shaida Yana Tsoron Magana

A aikina na binciken ƙorafe-ƙorafe a wuraren aiki, maganar da na fi ji ita ce: "Ranka ya daɗe, ina da iyali, kada a ce ni na faɗa." Mai wannan magana ba taurin kai yake yi ba. Tsoronsa kada a kore shi, ko a danne masa ƙarin girma.

A wani asibiti, magani ya riƙa ɓacewa daga sito. Wanda ya san yadda abin yake ƙaramin ma'aikaci ne, wanda ake zargi kuwa shugabansa ne. Da ma'aikacin kaɗai muka kira, da kowa ya gane bakin da maganar ta fito. Sai muka gana da dukkan ma'aikatan sito, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin da ke nesa da ofishin shugaban.

Kafin tambayar farko, na faɗa wa ƙaramin ma'aikacin waɗanda za su karanta bayaninsa. Ban ce masa ba wanda zai taɓa sani ba, domin wanda ake zargi yana da haƙƙin jin abin da ake tuhumarsa da shi, ya kare kansa, kuma idan magana ta kai kotu ana iya neman mai shaida ya bayyana. Alkawarin ƙarya na iya buɗe baki yau, amma ranar da ya karye, ba mai sake yarda da kai.

Daga nan na ce, "Ba ni labarin yadda kaya ke fita daga sito." Ban ce, "Shugabanka ne ke kwashewa, ko?" ba, saboda mai tsoro yakan amsa da abin da yake ganin kana son ji. Ƙa'idojin Méndez na shekarar 2021 ma a kan haka suka tsaya: a nemi bayani ba tare da tursasawa ba. Da ya koma "ban sani ba" bayan ya fara bayani dalla-dalla, na gane tsoro ya dawo. Muka dakata, na tambaye shi abin da ke damunsa.

Ya ambaci ranakun da mota ke zuwa bayan an tashi aiki. Muka gwada da littafin maigadi da katin fitar da kaya, suka yi daidai. Da takardun muka tunkari shugaban, muka saurari nasa bayanin. Shi kuma mai shaida, an karanta masa abin da aka rubuta, ya gyara, ya sa hannu.

Bayan rahoto, sai a sa ido. Ramuwa takan zo ta canjin wurin aiki ba dalili, ko takardar tuhuma kan abin da bai taka kara ya karya ba. Abokan aiki, duk wanda ya amince ya yi magana amana ya ba ku. Ku ci gaba da bibiyar halin da yake ciki ko bayan an rufe fayil.