Darasi na Bakwai: Gyaran Wasiƙar Shaidar Karɓar Gudummawa

Gabatarwa

Malamin makaranta, musamman idan ya zama hedimasta ko sakataren ƙungiyar iyaye da malamai, yakan riƙe kuɗin da wani ya bayar domin wani aiki. Rasit yana shaida cewa kuɗi sun shiga hannu, amma ba ya faɗin inda suka tafi. Wasiƙar da ake aika wa mai gudummawa bayan aiki ita ke cike wannan giɓi. Wannan darasi zai nuna yadda ake gyara irin wannan wasiƙa, ta yadda wanda ya karanta ta zai iya bin sawun kuɗinsa ba tare da ya sake tambaya ba.

Wasiƙar da za a gyara

Mu ƙaddara wani attajiri ya ba makarantar firamare ta garinsu ₦600,000 domin rufin ajin da iska ta yaye. Rufin ya ci ₦430,000. Hedimasta ya ga yara na zama a ƙasa, sai ya sa aka yi bencina da ₦120,000, ba tare da ya tuntuɓi mai kuɗin ba. Saura ₦50,000 suna asusun makaranta. Ga abin da ya fara rubutawa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, muna godiya marar iyaka bisa gudummawar da ka bayar. An yi amfani da kuɗin wajen sayen kwano da katako da sauransu, an kuma yi wasu 'yan gyare-gyare na kimanin naira dubu ɗari da ashirin. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

Nazarin wasiƙar

Babu jimla guda a wannan wasiƙa da za a ce ƙarya ce tsagwaronta, amma duk da haka ba ta sauke amana ba. Kurakuranta iri uku ne.

Na farko, lissafinta bai rufe ba. Ƙa'idar ita ce, abin da aka kashe da abin da ya rage, idan aka haɗa su, su yi daidai da abin da aka karɓa. Wasiƙar ba ta faɗi adadin da aka karɓa ba, ba ta faɗi kuɗin rufi ba, kuma ta yi shiru a kan ₦50,000 da suka rage. Mai karatu zai ɗauka kuɗin sun ƙare. Shirun da ke sa mutum ya fahimci abin da ba haka yake ba, ɓoye gaskiya ne.

Na biyu, ta lulluɓe sauyin da aka yi wa manufar kuɗin. Domin rufi aka bayar da su, ba domin bencina ba. Yin bencina abu ne mai amfani, amma mai kuɗi ne ke da ikon yanke wannan shawara. Marubucin ya sakaya al'amarin da "wasu 'yan gyare-gyare", sannan ya fake da sigar "an". A Hausa, "an yi" da "aka saya" ba sa ambaton mai aikatawa. Wannan siga ta dace da inda sanin mai aikin ba shi da muhimmanci, kamar "an buga kwano". Amma inda aka yanke shawara a kan dukiyar wani, wajibi ne a ce "na yanke" ko "kwamiti ya yanke", domin a san wanda za a tuhuma.

Na uku, adadin da ta kawo yana da harshen damo. "Dubu ɗari da ashirin" na iya nufin 120,000 kamar yadda ake faɗa a kasuwa, yana kuma iya nufin 100,020. A rubutun kuɗi sai a ce "dubu ɗari da dubu ashirin", a kuma biyo da alƙaluma. Haka nan kalmomi irin su "kimanin" da "wajen" da "da sauransu" ba su da gurbi inda akwai rasit, domin wanda ke riƙe da rasit ya san adadi daidai.

Wasiƙar bayan gyara

Bayan adireshi da kwanan wata, sai wasiƙar ta kasance kamar haka:

Ranka ya daɗe,

BAYANIN YADDA AKA KASHE GUDUMMAWAR RUFIN AJI

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina shaida maka cewa ranar 3 ga watan Maris mun karɓi naira dubu ɗari shida (₦600,000) da ka aiko ta asusun makaranta domin rufin aji huɗu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

An gama rufin ranar 28 ga watan Maris, ga kuma abin da ya ci:

Kwano bandir 4, kowane ₦65,000: ₦260,000
Katako: ₦90,000
Ƙusa: ₦20,000
Ladan kafinta: ₦50,000
Dakon kaya: ₦10,000
Jimla: ₦430,000

Bayan rufi, ₦170,000 suka rage. Daga ciki na sa an yi benci 8, kowane ₦15,000, jimla ₦120,000, saboda yaran ajin a ƙasa suke zama. Ni na yanke wannan shawara ban nemi izininka ba, alhali ba domin haka ka bayar da kuɗin ba. Ina neman afuwa. Idan ba ka amince ba, kwamitin makaranta ya yarda zai mayar da kuɗin kafin ƙarshen zango.

Saura ₦50,000 suna asusun makaranta, kuma ba za mu taɓa su ba sai mun ji daga gare ka. Tagogin ajin na bukatar gyara idan ka yarda, in kuwa ka fi son a mayar maka, za mu mayar.

Na haɗo kwafin rasit na kwano da katako da ƙusa, da takardar da kafinta ya sa wa hannu a kan ladansa da kuɗin bencina. Mai kura bai ba da rasit ba, amma ma'ajin kwamiti ne ya biya shi a gabana. Muna gayyatar ka ka zo ka gani, domin gani ya kori ji.

Naka mai biyayya,
(sa hannun hedimasta da na ma'aji)

Abubuwan lura

Ɗalibi ya gwada lissafin da kansa: ₦430,000 da ₦120,000 da ₦50,000 sun tashi ₦600,000 cif. Godiya ba ta ɓace ba, sai dai an taƙaita ta domin kada ta danne bayani. An ware wa maganar bencina sakin layi nata, an faɗi dalili a jimla ɗaya, ba a tsaya kare kai ba. An kuma bayyana kashin da ba shi da rasit tun kafin mai gudummawa ya gano da kansa. Sai dai a kula, alkawarin mayar da kuɗi ba a rubuta shi sai kwamiti ya amince da gaske, domin alkawarin da ba za a cika ba sabuwar ƙarya ce.

Kammalawa

Kafin a sa hannu, marubuci ya ba wanda bai san aikin ba wasiƙar, ya tambaye shi nawa aka karɓa, me aka yi da su, nawa suka rage, kuma wa ya yanke shawara. Duk tambayar da ya kasa amsawa, nan ne ke bukatar gyara.

Jinga

1. Bambanta rasit da wasiƙar bayanin gudummawa.
2. Rubuta ₦250,000 da ₦200,050 da kalmomi ta yadda ba za a rikita su ba.
3. Wata Hajiya ta ba da ₦200,000 domin littattafan karatu. An sayi na ₦185,000, an biya kuɗin mota ₦8,000. Rubuta mata wasiƙa, ka bayyana abin da ya rage da inda yake.