Yadda Ake Gane Fumfunar Bakin Jariri da Yadda Ake Jinyarta

Jaririn da ya kama nono ya saki, ya tsandara kuka, ya sake kamawa ya sake saki, yana jin yunwa ne amma wani abu na yi masa zafi. Wurin da ake fara dubawa shi ne cikin bakinsa. Uwa za ta wanke hannu da sabulu, ta kai shi wurin haske, ta leƙa harshe da dasashi da ganɗa da cikin kumatu. Idan ta ga fari-fari kamar gutsattsarin kindirmo, sai ta naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, ta jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, ta shafa a hankali sau ɗaya. Ragowar nono kan tsaya ne a harshe, kuma shafa ɗaya ke kawar da shi. Wanda ya manne, ya bazu har cikin kumatu, in an matsa masa ya bar wurin jajir ko da ɗan jini, wannan fumfuna ce da likitoci ke kira kandida.

Kandida na zaune a jikin yawancin mutane ba tare da ta yi ɓarna ba. Takan samu sarari ne a bakin jariri saboda garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, musamman idan shi ko mahaifiyarsa sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke kashe har da ƙwayoyin da ke taka mata birki.

A ɗauki misalin maijego da aka yi wa tiyata, ta sha irin wannan magani, yanzu ɗanta mai mako biyar ya ƙi nono. Kakarsa ta ce a kira wanzami, ai beli ne. Wannan kuskure ne mai tsada, don yankan beli ba ya taɓa fumfuna, sai dai ya ƙara ciwo da zubar jini. Haka nan kankare farin da farce, ko goga zuma, ita da ba a ba yaron da bai shekara ba.

A asibiti, maganin da aka fi bayarwa shi ne ruwan nistatin, mililita 1 sau huɗu a rana, har kwana bakwai. Bayan ya gama shan nono ake sa shi, rabi a wannan kunci, rabi a wancan, a shafa da yatsa mai tsabta ya taɓa kowane tabo. Aikinsa a kan fatar bakin yake, don haka idan aka ɗura shi can maƙogwaro ko aka bi shi da nono nan take, an yi asararsa. Inda babu nistatin, ana shafa GV, ruwan nan mai launin shunayya, amma wanda ma'aikacin lafiya ya sirka ya koma kashi 0.25 cikin ɗari, domin mai ƙarfi na ƙona baki. Akwai kuma man baki na maikonazol, wanda ba a so a sa wa jaririn da bai kai wata huɗu ba saboda yana iya shaƙe shi. Ko farin ya ɓace a kwana na uku, sai an cika kwanakin.

Inda jinya ta fi lalacewa shi ne a manta da uwa. Ma'aikaciyar jinya mai lura takan tambaya: "Maijego, kan nononki na yi miki zafi ko ƙaiƙayi bayan ya gama sha?" Idan kan nonon ya yi ja yana sheƙi, ko tana jin suka har cikin mama, to su biyun ne ke miƙa wa juna cutar. Ita za ta shafa man maikonazol kaɗan bayan kowace shayarwa, yawanci na mako biyu, ta goge abin da ya rage kafin ta sake ba shi, ta bar wurin ya sha iska, ta riƙa sauya rigar mama idan ta jiƙe. Shayarwa kuwa ba a dakatar da ita. Idan ya kasa kamawa, ta tatsa a kofi mai tsabta ta ba shi kaɗan-kaɗan, kuma duk abin da ke shiga bakinsa a tafasa shi kullum. A duba ƙasan kunzugu ma, domin jan kurji mai ƙananan ɗigo a gefe na bukatar nasa man.

Bayan kwana biyu zuwa uku a koma asibiti a nuna jaririn. Amma ba a jiran wannan rana idan jikinsa ya yi zafi, ko ya daina shan nono gaba ɗaya, ko fitsari ya ragu, ko maɗiga ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya motsi sosai. Fumfunar da ta ƙi jin magani ko take yawan dawowa kuma, likita zai nemi abin da ke bayanta, ya auna nauyin yaron don gano tamowa, ya yi wa uwa da ɗa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki.