Karkatar Haske Zuwa Ja: Hujjar Buɗewar Sararin Samaniya

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tsaya a bakin titi a Kwanar Dangora, babbar mota ta wuce shi tana hon, zai ji sautin da kaifi yayin da take tahowa, sannan ya yi kauri da zarar ta ba shi baya. Hon ɗin bai sauya ba. Tafiyar motar ce take matse zangon sautin a gabanta, take miƙe shi a bayanta. Haske ma yana da zango, kuma a kan wannan masana taurari suka gina hujjarsu ta cewa garkunan taurari masu nisa suna ƙara nisantar duniya. Garke a nan yana nufin tarin biliyoyin taurari da ƙarfin jan juna ya ɗaure wuri guda, irin wanda rana take cikinsa.

2.0 Yadda Ake Awon

Kalmar zango ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe mai sauraren rediyo a gajeren zango. A cikin launukan bakan gizo, shuɗi yana da gajeren zango, ja kuwa dogo. Don haka idan zangon haske ya miƙe, sai a ce ya karkata zuwa ja. Ba wai garken yana komawa ja a ido ba ne. Ido ba ya iya gane wannan.

Abin da ake dubawa shi ne layukan sinadarai. Idan aka warwatsa hasken garke da na'ura, akan ga layuka a wurare sanannu, domin kowane sinadari yana da nasa, tamkar zanen yatsa. Haidurojin yana da layi a nanomita 656.3 idan aka auna shi a ɗakin gwaji. A hasken garkunan da ke rukunin Coma kuwa, ana samun wannan layi a wajen nanomita 671.4. Ana lissafa karkatar kamar haka:

z = (671.4 − 656.3) ÷ 656.3 ≈ 0.023

Idan aka ninka wannan da gudun haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai a sami kilomita 6,900 a daƙiƙa. Layi ɗaya ba ya isa shaida, domin ana iya ɗaukar layin wani sinadari a matsayin na wani. Sai an ga dukkan layukan sun gusa da kaso iri ɗaya, kashi 2.3 cikin ɗari a wannan misali, kafin a amince da awon.

3.0 Daga Gudu Zuwa Buɗewa

Vesto Slipher ne ya fara irin wannan awo a 1912 a cibiyar Lowell da ke Amurka. Garken farko da ya auna, Andromeda, tahowa yake yi da gudun kusan kilomita 300 a daƙiƙa, saboda yana kusa, jan da ke tsakaninsa da garkenmu ya fi ƙarfin buɗewar. Amma mafi yawan waɗanda ya auna daga baya nisanta suke yi. A 1927 Georges Lemaître, sannan a 1929 Edwin Hubble, suka haɗa gudun da nisa, suka ga cewa garken da ya ninka wani nisa yakan ninka shi gudu. A awon yau, kowane megafasek guda, wato tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26, yana ƙara kimanin kilomita 70 a daƙiƙa. Raba 6,900 da 70 yana ba da megafasek kusan 100, wato hasken Coma ya yi fiye da shekara miliyan 300 a hanya.

A nan misalin mota yake gazawa. Mota tana tafiya ne a kan titin da bai motsa ba, su kuwa garkuna, sararin da ke tsakaninsu ne yake buɗewa, hasken da ke ratsa shi yana miƙewa tare da shi. A ɗauki danƙo a yi masa alamu huɗu, taku ɗaya tsakanin kowace, a ja shi har ya ninka tsawo. Alama ta biyu ta ƙara taku ɗaya daga ta farko, ta huɗu kuwa ta ƙara uku a lokaci guda. Daga kowace alama aka duba, haka za a gani. Saboda haka ganin garkuna suna nisantar duniya ta kowace fuska bai sa ta zama cibiyar sarari ba.

Raunin hujjar yana wajen auna nisa, ba wajen karkatar ba. Hubble ya ɗauki garkunan sun fi kusa da yadda suke, ya sami kusan 500 maimakon 70, adadin da ya nuna sarari bai wuce shekara biliyan 2 ba, ƙasa da shekarun da aka auna wa wasu duwatsun duniya. Bayan gyara, an tsaya a kan kimanin shekara biliyan 13.8. Har yanzu da saura: awon da ya dogara da daɗaɗɗen hasken farkon sarari yana ba da kusan 67, wanda ya dogara da taurarin garkuna na kusa yana ba da kusan 73, kuma masana ba su daidaita tsakanin biyun ba.