Hoton Gida Da Dare: Me Ya Sa Inuwa Ke Cinye Bango?

Malama Hadiza, kin ce tagogi sun yi fari fat, bango kuwa ya yi baƙi ƙirin. Laifin sama ne, kin bar ta babu haske. Sa mata shuɗin bayan magariba mai rauni, shi zai fito da jikin bango. Fitilun ɗaki ki ba su 2700K zuwa 3000K, ki rage ƙarfinsu har a ga labule da silin ta taga. Fitilar ado biyu ta isa: ɗaya a gindin ginshiƙi tana haskawa sama, ɗaya bakin ƙofa. Sannan buɗe Histogram. In ya taru ya manne a gefen hagu, inuwa ta mutu, ƙara hasken sama kaɗan, kada ki taɓa fitilun ciki.