Gyara Iri Huɗu Ne: Bayani Ga Ɗaliban Zanen Gine-gine Na Shekarar Farko

A bakin Bahaushe kalma ɗaya ce, gyara. Wanda ya toshe yoyon rufi ya yi gyara, wanda ya rushe ɗaki ya tā da sabo shi ma ya ce gyara ya yi. Amma ga masana gine-gine ayyuka huɗu ne dabam-dabam, watau kiyayewa, da maidowa, da sake ginawa, da sauya amfani. Abin da ya raba su tambaya ce guda: nawa ne ya rage daga ainihin ginin, kuma me za a yi da abin da ya ragen? Ɗalibin da bai iya amsa wannan ba ya kan rushe abin da aka ɗauke shi aiki ya tsare.

Domin bayanin ya zauna, bari mu ɗauki Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri, inda a ke sauke bandar kifin Tafkin Chadi kafin a yi lodinsa zuwa sauran sassan ƙasa. A ƙaddara an ba ka wani tsohon layi na shaguna goma a cikinta, bango na bulo, rufi na kwano bisa katako, aka ce ka kawo shawara. Layin na misali ne, amma cututtukan da za mu ambata na kowane gini irinsa ne.

Kiyayewa shi ne a tsai da lalacewa, a bar ginin yadda zamani ya kawo shi, ba ƙari ba ragi sai abin da ya zama tilas. Aikin farko ba na magini ba ne, naka ne: ka auna, ka zana, ka ɗauki hoto, ka rubuta kowace tsaga. In ka ga tsaga a bango, kada ka yi gaggawar toshe ta. Manna ɗan siririn gilashi a gicciye bisa ita, ka rubuta kwanan wata a gefe. In damina ta wuce gilashin bai fashe ba, tsagar ta tsaya, sai a cike ta. In ya fashe, harsashi na motsi, kuma toshiyar banza ce sai an gano dalili, wanda sau da yawa ruwa ne da ke kwanciya a gindin bango don lambatu ya cushe. Katakon da gara ta ci, a yanke wurin da ya ruɓe kaɗai a dasa sabo, a bar sauran. Baƙin hayaƙin da ya rine bangon kuwa, in ba ya cutar da ginin, ba datti ba ne a wurin mai kiyayewa. Shaidar sana'ar wurin ce.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaɓen da a ke yi wa soro kafin damina, da share indararo, su ne kiyayewa tun ba a ba shi suna ba. Kuskuren da ya yi yawa a zamanin nan shi ne shafe ginin ƙasa da siminti da sunan ƙarfafa shi. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai tubali ya jiƙe daga ciki alhali waje na sheƙi. Ƙwanƙwasa bangon da hannu: in ka ji ya yi amo kamar ganga, shafen ya rabu da jikinsa.

Maidowa ya fi wannan shiga gonar gini. A nan ka zaɓi wani lokaci a tarihinsa, ka mai da shi kamannin wancan lokaci, ka cire abin da aka ƙara daga baya. A ce a layinmu an toshe tagogin iska na sama da bulo, an kuma liƙa rumfunan kwano a gaba. In kana da tsohon zane ko hoto, ko kuwa alamar tagogin na nan a jikin bango, kana iya buɗe su. In ba ka da shaida, ka tsaya. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda masana su ke komawa gare ta, ta kafa ƙa'ida cewa maidowa ya kan ƙare daidai inda zato ya fara, kuma duk sabon abin da aka sa lalle ne mai lura ya iya bambanta shi da tsoho. Akwai kuma hasara da ba a cika faɗi ba. Rumfar da za ka cire, a ƙarƙashinta wani ya ke shanya kifinsa yana ciyar da iyali. A ganina, a kasuwa mai rai maidowa shi ne mafi ƙarancin dacewa cikin huɗun, domin darajar wurin tana ga ciniki, ba ga kamannin wata shekara ba.

Sake ginawa kuwa sai abu ya tafi. Mutanen Maiduguri sun ga irin wannan hali lokacin da gobara ta ci Kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023, da kuma lokacin ambaliyar madatsar Alau a Satumba 2024. Abin da wuta ta cinye ƙurmus ba ya maiduwa. Sai dai a lura, ba kowane sabon gini a tsohon fili ne sake ginawa ba. Sunan ya tabbata ne in an bi siffar wanda ya ɓace bisa shaida, da sababbin kaya. Hubbarorin waliyyan Tambutu da aka rushe a 2012, magina na garin su ka sake tā da su a 2015 bisa tsofaffin hotuna da awo da sanin da su ka gada. Sharaɗin wannan aiki gaskiya ce: a sa allo a rubuta shekarar da aka sake ginin, kada jikoki su ɗauka na kakanni ne.

Na huɗu, sauya amfani, shi ne gini ya tsira ta hanyar karɓar sabon aiki. Gidan Makama a Kano gidan sarauta ne a da, yau gidan kayan tarihi ne, kuma wannan aikin ne ya ba da dalilin ci gaba da yaɓe shi. A layinmu, a ce 'yan kasuwa su na so a mai da shaguna uku ɗakin sanyi na ɗanyen kifi. Shagon banda an yi shi ne don iska ta ratsa, ɗakin sanyi kuwa ba ya son iska ko kaɗan. In ka manna abin tsare sanyi kai tsaye a jikin tsohon bango ba tare da shingen hana tururi ta ɓangaren zafi ba, raɓa za ta taru a tsakani, bangon ya yi ta gumi har ya ruɓe a ɓoye. Dabarar ita ce a gina ɗakin sanyin kamar akwati mai zaman kansa a cikin shagon, a bar rata tsakaninsa da bango, a fitar da ruwan wanki ta bututu nesa da harsashi. Ran da aka daina bukatarsa sai a kwance shi, shagon ya koma yadda ya ke.

Sau da yawa aiki ɗaya ya kan haɗa biyu ko uku daga cikinsu. Saboda haka a takardar shawararka kada ka rubuta "gyaran shaguna goma". Bi su ɗaya-ɗaya, ka ce na ɗaya zuwa na shida kiyayewa, na bakwai da ya faɗi sake ginawa, ukun ƙarshe sauya amfani, sa'an nan ka haɗa kowanne da zanensa da shaidar da ka dogara a kai.